Waya Ta Nuna An Kawo, Kai Kuwa Ba Ka Karɓa Ba: Matakan Da Mai Saye Zai Bi

Ina aiki a ofishin rarraba kayan aike a Kano, kuma ƙorafin da ya fi zuwa gabana shi ne na mutumin da ya sayi kaya ta intanet, ya duba wayarsa ya ga an rubuta "Delivered", alhali ko kwalin bai gani ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin irin waɗannan kaya ana iya gano su, in kuma ba a gano su ba ana iya dawo da kuɗin. Sai dai masu saye kan zo a makare. Wani ya yi mako uku yana jiran alkawarin mai sayarwa, wani ya ƙare ƙarfinsa wajen cacar baki da yaron babur, wani kuma tun farko ya karanta wa baƙon murya lambar karɓar kayansa ta waya. Saboda su na rubuta wannan jagora.

Yadda rubutun ke fitowa a allo

Babu wata na'ura a cikin kwalinka da ke faɗin inda yake. Abin da ke jikinsa takarda ce mai zane-zanen layi, kuma duk inda kayan suka tsaya wani ma'aikaci ne ke haska takardar da na'ura ko da waya, sai labari ya hau manhaja. Haskawa ta ƙarshe a hannun mai kai kaya take. Shi ne ke danna cewa ya miƙa. Don haka abin da allo ke gaya maka shi ne wani mutum ya danna wani wuri a wani lokaci. Aikinka ka gano wane ne ya danna, a ina yake tsaye, kuma hannun wa kayan suka shiga.

Dalili mafi sauƙi da ke sa allo ya nuna an miƙa alhali ba ka karɓa ba shi ne dannawa kafin lokaci. Mai kai kaya kan fito da safe da jerin kayan da ake so ya gama kafin dare, kuma ana auna ƙwazonsa da yawan waɗanda ya rufe. Idan magariba ta riske shi da sauran kwalaye, wani sai ya rufe su duka a waya da niyyar kawowa gobe. Laifi ne a aikinmu, amma yana faruwa, kuma alamarsa ita ce lokacin da aka rubuta: ƙarshen yini, ko wani lokaci da ba a yawon kai kaya. Irin wannan yakan iso washegari ko jibi.

Dalili na biyu ya fi kowanne yawa a garuruwanmu. Mai kai kaya namiji ne, gidan kuma ba shiga. Ya yi sallama a ƙofa, ya kira waya ba a ɗauka ba, sai ga yaro ya fito daga zaure ya ce nan ne gidan. Ya miƙa masa, ya danna, ya wuce. Yaron na iya zama ɗan gida, yana iya zama almajirin da ke aiki a gidan, yana iya zama ɗan maƙwabta da ya shigo wasa. Haka kuma ake barin kaya wurin maigadi, ko mai shagon da ke bakin layi, ko ofishin karɓar baƙi na ma'aikata. A wurin mai kai kaya aiki ya kammala, a wurinka kuwa ba a fara ba.

Na uku shi ne adireshi. Akwai Tudun Wada a cikin birnin Kano, akwai ƙaramar hukumar Tudun Wada a kudancin jihar, akwai kuma Tudun Wada a Kaduna da Zariya da Jos da Gusau. Sabon Gari ma haka. A cikin unguwa ɗaya kuwa, "layin masallaci" ko "kusa da taransifoma" na iya zama wuri biyar. Idan aka haɗa wannan da sunayen da suka yi yawa a cikinmu, ba abin mamaki ba ne a sami wata Hajiya mai irin sunanki a layi na gaba ta karɓa da zuciya ɗaya, tana zaton saƙon ɗanta ne.

Na huɗu ya shafi masu sayo kaya daga waje. Wanda ya saya a 1688 ko wata kasuwar Sin ta hannun ejan, adireshin da aka rubuta na siton ejan ne a Guangzhou, don haka "Delivered" na nufin kayan sun isa siton, ba Kano ba. Haka nan idan kamfanin farko ya miƙa wa kamfanin cikin gida, ko aka ajiye kaya a wurin da mai saye ke zuwa ya ɗauka da kansa, wani lokaci labarin kan tsaya a nan kamar an gama.

Na ƙarshe shi ne ha'inci, ko dai kayan sun salwanta a hanya aka rufe maganar, ko kuma mai sayarwa ya ba ka lambar wani ƙunshi da ya tafi wani wuri daban. Na sa shi a ƙarshe da gangan. Wanda ya fara da zargin sata yakan rufe bakin mutanen da za su taimake shi.

Abin da za ka tanada

Kafin ka kira kowa, haɗa waɗannan a wuri ɗaya: lambar odarka, lambar bin sawun kayan, adireshin da lambar wayar da ka rubuta lokacin saye kamar yadda suke a manhaja, shaidar biyan kuɗi da hanyar da ka biya, da kuma hoton allon da ke nuna tarihin tafiyar kayan. Ɗauki hoton allon nan take, domin shafin na iya canzawa, kuma wasu kamfanoni kan share tarihin bayan 'yan watanni. Ƙara da hoton jerin kiran wayarka na ranar. Mutane ba sa tuna wannan, amma shi ne ke nuna ko an kira ka ko ba a kira ba. Sannan ka nemi ranar da wa'adin shigar da ƙorafi zai ƙare, ka rubuta ta inda za ka riƙa gani.

Mataki na 1: Karanta tarihin tafiyar gaba ɗaya

Kada ka tsaya a layin ƙarshe. Kwafi lambar bin sawu ka sa ta a shafin kamfanin da ya ɗauko kayan, ko a 17TRACK idan daga waje suke, domin manhajar kasuwa takan taƙaita labari. Duba abu huɗu: garin da aka ce an miƙa, lokacin, sunan wanda ya karɓa idan an sa, da nauyin ƙunshin idan ya fito.

Kowanne na da abin da yake faɗa. Idan garin ba naka ba ne, ko dai kayan na hannun wani matsakaici, ko lambar ba taka ba ce. Idan ka sayi keken ɗinki kuma nauyin da aka rubuta giram 200 ne, ba kekenka aka aika ba, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Idan ranar da kamfani ya fara karɓar ƙunshin ta riga ranar da ka yi oda, to tsohuwar lamba aka ba ka. Duba kuma ko akwai "Out for delivery" kafin "Delivered". Kayan da suka fito daga ofishi zuwa gida sukan bi ta wannan matakin, rashinsa kuwa yakan nuna ajiye su aka yi a wani wuri.

Ita kanta lambar tana nuna hanyar da kayan suka biyo. Ta gidan waya na ƙasa da ƙasa tana da gurbi 13: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da aka aiko, kamar CN ga Sin. Idan taka haka take, akwai yiwuwar kayan na hannun NIPOST, sai ka je babban gidan waya na garinku da katin shaida da lambar a rubuce. Sau da yawa kaya na zaune a can saboda ba a iya gane adireshin ba ko ana jiran a biya wani kuɗi.

Mataki na 2: Tambayi na bakin ƙofa tun ranar

Tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har yara da masu aiki, sannan maigadi, mai shago da maƙwabta na dama da hagu. Kada ka ce "an kawo mini saƙo?" kawai. Faɗi lokacin da allo ya nuna, ka kwatanta ƙunshin, domin yawancin kayan intanet a baƙar leda ko toka-toka suke zuwa, ba a kwali mai hoton abin da ke ciki ba. Yi wannan a ranar. Bayan kwana uku yaro ya manta, ko kuma ya ji tsoron faɗa saboda ya ga ran manya ya ɓaci. Tambaya cikin laushi ta fi fito da gaskiya a nan.

Mataki na 3: Nemi shaidar miƙawa daga kamfanin kai kaya

A nan ake gano yawancin kaya, kuma a nan lokaci ya fi tsada. Mai kai kaya na shiga unguwanni da yawa a yini. Yau zai tuna gida mai koren ƙofa da yaron da ya fito, bayan mako ɗaya ba zai tuna ba ko da yana so. Saboda haka idan kwana ɗaya na aiki ya wuce kayan ba su iso ba, kira ofishin, in da hali ka je da ƙafarka.

Idan kana da lambar mai kai kayan, kira shi da mutunci. Ka ce, "Malam, jiya an nuna ka miƙa kaya mai lamba kaza, ni kuwa ban karɓa ba. Don Allah wa ka ba, kuma a wace ƙofa?" Tambayar da ke neman suna da wuri tana ba shi hanyar gyara ba tare da kunya ba. Idan yana riƙe da kayan zai kawo, idan ya ba wani zai koma. Amma kada ka tsaya a kansa. Alkawarin baki na yaron babur ba ya shiga kowane fayil, kuma gobe za a iya sauya masa unguwa.

A ofis, ka nemi a buɗe maka ƙorafi a rubuce a ba ka lambarsa, sannan ka nemi shaidar miƙawa. Gwargwadon tsarin kamfanin, shaidar kan ƙunshi sunan wanda ya karɓa, sa hannunsa, hoton ƙunshin a ƙofa, da wurin da wayar mai kai kaya take a taswira lokacin da ya danna. Na ƙarshen nan ya fi sauran amfani. Sa hannu a fuskar waya kowa na iya zana shi da yatsa, amma idan taswira ta nuna an danna a wata unguwa ko a cikin ofishin kanta, magana ta ƙare. Idan an nuna maka hoto, je ka ɗauki hoton ƙofarka daga irin wannan kusurwa domin a kwatanta.

Sai maganar lambar karɓa. Kamfanoni da yawa kan turo wa mai saye wata gajeriyar lamba ta saƙon waya, wadda mai kai kaya ba zai iya rufe aikin ba sai ya shigar da ita. An yi ta ne domin kare ka, kuma ita ce sa hannunka. Wanda ya kira ya ce yana kan hanya, ka karanto masa lambar don ya rage lokaci, idan ka karanto ka ba shi damar rufe aikin daga duk inda yake, kuma tsarin zai nuna kai da kanka ka tabbatar da karɓa. Ba a ba da ita sai ƙunshi na hannu. Idan ka riga ka bayar, kada ka ɓoye. Faɗi gaskiya, ka nuna lokacin kiran a wayarka, ka nemi a haɗa shi da wurin da aka danna. Ƙorafin zai yi wuya, amma bai mutu ba. Ƙarya ce ke kashe shi, domin ofis na ganin an shigar da lambar.

A wannan tsakanin ka yi hattara da saƙonnin da ke cewa kayanka sun maƙale, ka danna wani mahaɗi ka biya ɗan kuɗi a sake kawowa. 'Yan damfara na watsa irinsu ga dubban lambobi, sun san wasu na jiran kaya. Burinsu lambobin katinka. Duk abin da ya shafi kayanka ka duba shi a manhajar da ka yi saye ko a shafin kamfanin da ka rubuta da hannunka.

Bari mu bi misali ɗaya. A ce wata mai ɗinki a Tudun Wada ta birnin Kano ta sayi injin saƙa baki na naira 85,000, ta biya da kati. Ranar Alhamis da ƙarfe 4:50 na yamma manhaja ta nuna an miƙa, an kuma rubuta wanda ya karɓa "Sani". Babu Sani a gidan. Tarihin tafiya ya nuna garin daidai ne, nauyin ya dace da inji, kuma kayan sun fito daga ofis da safe. Wannan ya kawar da zargin lambar ƙarya da na ajiya a sito. Wayarta ta nuna kira biyu da ba a ɗauka ba da ƙarfe 4:41 da 4:43, lokacin tana sallar la'asar. Ke nan mai kai kaya ya zo unguwar da gaske, kuma cikin mintuna bakwai bayan kiran ƙarshe ya miƙa wa wani. Mutumin da ya miƙa kaya cikin mintuna bakwai bai yi nisa ba. Ranar Juma'a da safe maigidanta ya je ofis, taswira ta nuna an danna a layi na biyu daga nasu, kusa da wani masallaci, ita kuwa a adireshi ta rubuta "kusa da masallaci" ba tare da sunansa ba. Aka haɗa shi da mai kai kayan suka je tare, sai ga Sani mai shagon caji ne, ya ajiye ƙunshin yana jiran mai shi. Da sun bari har mako ya zagayo, da wuya a sami mai tuna ƙofar. Lura kuma cewa tun daren Alhamis ya kamata ta ɗauki mataki na gaba, ba tare da jiran sakamakon wannan ba.

Mataki na 4: Rubuta wa mai sayarwa a cikin manhaja

Mutane da yawa ba su san cewa cinikinsu da mai sayarwa yake ba. Shi ya karɓi kuɗinka, shi ya ɗauki kamfanin kai kaya, kuma idan kaya suka ɓata, yawanci shi kamfanin zai biya diyya, domin shi ne mai aikowa. Don haka ofishinmu zai iya taimaka maka neman ƙunshi, amma dawo da kuɗinka ko aiko da wani yana wuyan wanda ya sayar maka. Idan ya ce ka je ka ji da masu kai kaya, ka amsa masa cewa ka tuntuɓe su, ga lambar ƙorafin, amma shi kake bi.

Rubuta a cikin manhajar, ba ta kira ba, ba ta wata kafa ta gefe ba, domin abin da ke cikin manhaja kaɗai masu sasanci za su iya gani. Saƙon ya zama gajere: lambar oda, ranar da lokacin da aka ce an miƙa, cewa ba ka karɓa ba kuma ba ka wakilta kowa ba, abin da ka riga ka bincika, da abin da kake so, ko kaya ko kuɗi, zuwa wata rana da ka ambata. Ban da zagi. Wanda zai yanke hukunci yana karanta ɗaruruwan irinsa, kuma saƙon da ya jera ranaku a tsare ya fi saurin samun amsa.

Idan akwai maɓallin tabbatar da karɓa, irin "Confirm receipt", kada ka taɓa shi. A kasuwannin da ke riƙe kuɗi a tsakiya, danna shi ne ke sakar wa mai sayarwa kuɗin. Wasu masu sayarwa kan roƙi a danna da sunan hakan zai hanzarta bincike. Ba ya hanzarta komai.

Mataki na 5: Shigar da ƙorafi kafin wa'adi ya cika

Hira da mai sayarwa daban, shigar da ƙorafi a tsarin kasuwa daban, kuma hirar ba ta tsayar da agogo. Kowace kasuwa na da wa'adinta. A AliExpress an daɗe ana ba da kwana 15 bayan an rufe oda a matsayin wadda aka karɓa, kuma oda na iya rufe kanta ko ba ka danna komai ba. A eBay kwana 30 ne daga ranar da aka ƙiyasta isowar kaya. PayPal na ba da kwana 180 daga ranar biya. Dokokin nan kan sauya, saboda haka wa'adin da ke rubuce a shafin odarka shi ne abin dogaro.

Shawarata ita ce kada ka wuce kwana uku na aiki ba ka shigar ba, ko da mai sayarwa na magana mai daɗi. Zaɓi dalilin da ya dace, wato kaya ba su iso ba. Wanda ya zaɓi cewa kaya ba su yi daidai da bayani ba ya amsa da bakinsa cewa ya karɓa, sai a ce ya mayar da abin da ba ya hannunsa. Ka sani kuma mai sayarwa zai kawo hoton "Delivered" a matsayin hujjarsa, kuma idan ba ka da abin da ya fi shi, shi za a ba gaskiya. Shi ya sa mataki na 1 da na 3 suke da nauyi. Ɗora hoton da ke nuna wani gari, ko nauyin da bai dace ba, ko ƙofar da ba taka ba. Mafi ƙarfi duka ita ce takarda ko saƙo daga kamfanin kai kaya da ke cewa ba a adireshinka aka miƙa ba. Roƙi ofis ya ba ka wannan a rubuce, da lambar bin sawu a jiki.

Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne rufe ƙorafi bisa alkawari. Mai sayarwa zai ce ka janye, zai aiko da wani ko ya turo kuɗin ta gefe. A wurare da yawa ƙorafin da aka rufe ba ya sake buɗuwa, kuma kafin "sabon" ƙunshin ya ƙi zuwa wa'adi ya wuce. Ƙorafi ya zauna a buɗe har kuɗi ya shiga asusunka ko kaya su shiga hannunka. Idan kuma aka dawo maka da kuɗi sannan kayan suka ɓullo, sanar da su. Haƙƙin wani ne, kuma sau da yawa daga albashin yaron babur aka cire shi.

Mataki na 6: Banki

Idan kasuwa ta ƙi, ko mai sayarwa ya yi shiru, kuma da kati ka biya, je bankinka ka ce kana son ƙalubalantar cinikin saboda ba a kawo kaya ba. Tsarin Visa da na Mastercard duka sun tanadi wannan, kuma wa'adin yawanci kwana 120 ne. Kada ka ɗauki wannan a matsayin lokacin hutu, domin banki na buƙatar nasa lokacin kafin ya tura. Za a ba ka fom, a nemi shaidar biya da shaidar cewa ka nemi mai sayarwa bai warware ba. Kada ka haɗa wannan da ƙorafin kasuwa a lokaci ɗaya. Da zarar banki ya shiga, kasuwa takan rufe nata binciken, wani lokaci ta dakatar da asusunka. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan bankin ya yi biris da kai bayan mako biyu, Babban Bankin Najeriya na da sashen kare masu hulɗa da bankuna, kuma zai nemi lambar ƙorafin da bankinka ya ba ka.

Wanda ya biya ta taransifa zuwa asusun mai sayarwa na Instagram ko WhatsApp ba shi da wannan kariya. Kuɗin da ka tura da hannunka banki ba ya janyo shi don kawai kaya ba su zo ba. Idan alamu sun nuna damfara ce, kamar lambar bin sawu ta ƙarya ko an toshe ka, sanar da bankinka a ranar, ka kai rahoto ga 'yan sanda da sunan asusun da lambarsa da hotunan hirarku. Saurin kai rahoto ne kaɗai ke ba da damar a riski kuɗin kafin a kwashe.

Mataki na 7: Hukuma da kotu

Idan mai sayarwa ko kamfanin kai kaya a Najeriya yake, akwai FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma tana karɓar ƙorafi ta shafinta. Kamfanonin kai kaya kuwa NIPOST ce ke ba su lasisi, don haka ana iya kai ƙarar su can. Ga kayan da suka biyo ta gidan waya daga waje, ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta ba da wata shida daga ranar aikowa a nemi bincike, kuma ya fi tafiya daidai idan mai aikowa ne ya nema daga can.

Jihohi da dama, ciki har da Kano da Legas, suna da kotunan ƙananan ƙararraki da ke sauraron bashi da irin wannan rikici cikin hanzari, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Kafin ka shiga, auna kuɗin kayan da wahalar zirga-zirga, sannan ka tabbata kana da cikakken suna da adireshin wanda za ka kai ƙara, domin kotu ba ta iya aika sammaci ga sunan shafi. Za a buƙaci ka fara aika masa takardar neman haƙƙi, ka ba shi wa'adi. Buga hotunan allonka a takarda, ka jera su bisa ranaku daga ranar oda zuwa amsarsa ta ƙarshe, ka yi kwafi uku: na kotu, na wanda kake ƙara, da naka.